Masinja a Ƙofar Oga

Tun da Alhaji Sharhabil ya yi ritaya daga kujerar daraktan kula da ma'aikata, gidansa na Kinkinau ya shiga uku. Mutum ne da ya saba a kawo masa fayil ya ja layi da koren biro, yanzu kuwa babu fayil babu mai kawowa, sai ya juya kan mutanen gida. Ya sake wa kwanukan kicin wurin zama, ya tsara wa mai wanki ranakun zuwa, har tsintsiya sai da ya kafa mata ƙusa. Matarsa Hajiya Balaraba ta daure iya dauriya, domin ta san ba mugunta ba ce, zaman banza ne yake cin sa.

Abu ɗaya ne a gidan bai taɓa sa wa hannu ba, wato jar kazar Hajiya mai tukku. Kazar nan jikanyar jikanyar wadda mahaifiyarta ta ba ta ce a Rigachikun lokacin da za a kawo ta ɗakin miji. Tsohuwar ta rasu da daɗewa, an raba gida, an sayar da gona, amma irin kajin nan bai yanke ba, sai bara da wani ciwo ya bi unguwa ya kwashe su ya bar guda. Balaraba ba mai yawan kuka ba ce, amma duk wanda ya ga yadda take watsa wa kazar nan tsaki da safe ya san da wa take hira.

To ita ce wani mai Keke ya take a ƙofar gida ranar wata Laraba cikin marka, ya ƙara mai ya yi gaba abinsa. Ta bar ƙwai tara a akurki, ba ta kai ga fara kwanci ba. Balaraba ta zagaye maƙwabta neman kaza mai kwanci da za a sa mata su, ba a samu ba. Kinkinau ta yanzu kowa na gidan gona yake saye a fige.

Sai aka tuna da tsohon firij ɗin da ke baranda. 'Yarsu Lubna ce ta mayar da shi injin ƙyanƙyasa a shekararta ta ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha, ta fitar da 'yan tsaki a gaban malamanta, aka ba ta maki, sannan ta tafi bautar ƙasa wani ƙauye a Jihar Neja da sai an hau tudu ake samun sabis. Ta bar shi da komai nasa. A ciki akwai hita da 'yar fanka da farantin ruwa. A samansa akwai wani ɗan akwati mai nuna lamba, shi ne kwantirola. Daga jikinsa wata siririyar waya ta sauko ta ratsa ta robar ƙofa ta shiga ciki, a bakinta da ɗan ƙarfe kamar murfin biro yana reto daidai tsayin ƙwai. A jikin ƙofar kuma ta manna zanen yadda abin yake aiki.

Balaraba ta ga yadda 'yarta take yi, don haka ba ta nemi kowa ba. Ta goge firij, ta jona shi da sola, ta jira lamba ta tsaya a talatin da bakwai da rabi, ta jera ƙwai da bisimilla. Matsalar ita ce akwai sunan jikan yayarta a Rigachikun, kuma ita ce kan girki, dole ta kwana biyu. Ta daɗe a bakin ƙofa da mayafi a kafaɗa tana duban mijinta kamar mai shirin ba kura ajiyar nama. Ta ce masa ya juya ƙwan safe da yamma, ya duba ruwa, kada ya riƙa buɗe ƙofa ba dalili.

"Ban da wannan, Alhaji, don Allah kada ka gyara komai."

Ya ce shi da ya riƙe ma'aikata guda, firij ne zai gagare shi? Ta ja mayafinta ta tafi.

Ranar farko ya yi yadda aka ce. Da hantsin Juma'a kuwa, bayan ya juya ƙwai, sai ya jawo kujerar roba, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya zauna gaban zanen. Yana ganin akwatuna da kibiyoyi zuciyarsa ta yi fari. Ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Irinsa ne yake rataye a bayan kujerarsa shekara da shekaru, mai nuna wa ke ƙarƙashin wa, har shi da kansa ya zana wa ma'aikatu biyu nasu.

Lubna ta rubuta sunayen da Turanci, ta sa Hausa a ƙarƙashi saboda mahaifiyarta. Daga hagu wata kibiya ta shigo ɗauke da lamba talatin da bakwai da rabi, an rubuta mata "zafin da ake so". Alhaji ya gyaɗa kai, wannan ita ce takardar umarni daga sama. Kibiyar ta shiga wani ɗan da'ira mai alamar tarawa da ta ɗebewa, shi kuma ya ɗauke shi teburin sakatare. Daga nan sai akwatin kwantirola, "mai ba da umarni", wato oga ke nan, har sai da Alhaji ya ɗan gyara zama don girmamawa. Kibiya ta fita daga oga zuwa hita, "mai ɗumamawa", ƙaramin ma'aikaci. Daga hita zuwa akwatin da aka rubuta wa "ɗakin ƙwai", wato talakawan da ake yi wa aiki. Daga nan kibiya ta fice ta dama, an rubuta mata "zafin ciki".

Saura akwati guda, shi kaɗai a ƙasa, a wajen layin manya. An rubuta masa sensa, "mai auna zafi". Kibiyarsa baya take komawa, ta haura ta shiga ɗan da'irar nan ta wajen alamar ɗebewa. Alhaji bai sha wahalar gane shi ba. Wanda yake ƙasa, ba ya ba kowa umarni, aikinsa kai rahoto ofishin oga, ai masinja ne.

Ya buɗe firij ya nemi masinjan, ya same shi yana reto a tsakiyar ƙwai, wayarsa a matse cikin robar ƙofa. Ransa ya ɗan ɓaci. A zane ga shi nan ƙiri-ƙiri a wajen ɗakin ƙwai, kibiyarsa tana nuna ofishin oga, amma a aikace an bar shi yana shawagi a inda ba a tura shi ba. A duk ma'aikatar da ya sani, masinja a benci yake zama a ƙofar oga, inda za a danna ƙararrawa ya miƙe. Ya ce a ransa yaran yanzu ke nan, su tsara abu mai kyau a takarda su kasa bin sa. Kuma wannan ba gyara ba ne da Hajiya ta hana, mayar da abu muhallinsa ne kawai.

Ya zaro wayar a hankali, ya naɗe ta tsaf, ya manne ɗan ƙarfen da salatif a gefen kwantirola a saman firij. Ya rufe ƙofa, robar ta kama gam. Ya ja baya ya duba aikinsa, ya ji daɗin da rabonsa da shi tun ranar walimar sallama.

Abu biyu suka faru nan take. Da can kwantirolar kan yi ƙas lokaci-lokaci, jar fitilarta ta kama, an jima ta sake yin ƙas ta mutu. Yanzu ta yi ƙas sau ɗaya, fitila ta kama, shi ke nan ta yi shiru. Alhaji ya ce madalla, an daina wasa da aiki. Na biyun kuwa bai yi masa daɗi ba, domin lambar ta fara sauka, ta yi ta sauka har ta tsaya a ashirin da shida. An kwana ana ruwa, baranda da sanyi, amma shi bai kawo wannan a ransa ba. Abin da ya gani shi ne asiri ya tonu. Ashe duk tsawon lokacin nan masinja da hita bakinsu ɗaya, suna zaune tare a ciki suna aiko wa oga lambar da yake son gani. Ya sha ganin irin haka.

Ya ba hita lokaci ta gyara halinta, ya yi wanka ya tafi masallacin Juma'a. Bayan an idar ya tsaya majalisarsu ta tsofaffin ma'aikata, aka yi ta zagin hukumar fansho, shi kuma ya ba su labarin yadda ya bankaɗo almundahana a cikin firij. Aka yi dariya, wani ya ce darakta ai ba ya ritaya.

Da ya dawo lamba ta hau ashirin da takwas kawai, shi ma don rana ta ɗan leƙo ne. Ya daddanna maɓalli ya ɗaga umarni zuwa arba'in, don ya san ƙaramin ma'aikaci sai an tsananta. Babu abin da ya canza. Ya dafa jikin firij ya ji shi ba zafi ba sanyi, ya manta cewa aikin firij ke nan tun fil azal, ya hana na ciki sanin na waje. Buɗe ƙofa kuwa an hana shi sai yamma, kuma shi mutum ne mai bin doka. Ya shiga ɗaki ya ɗauko bargo ya lulluɓe firij ɗin, ya bar oga da masinjansa a waje suna shan iska.

Bayan la'asar haƙurinsa ya ƙare, ya kira Lubna. Sai a kira na huɗu ta ɗauka tana haki, ta hau tudu ke nan. Bayan gaisuwa ya shaida mata cewa hitarta malalaciya ce, tun hantsi ake ba ta umarni ta kasa wuce ashirin da takwas. Ta tambaye shi ko jar fitila tana kunne, ya ce tun safe ba ta ƙifta ba. Ta tambaya ko ya taɓa wani abu. Ya ce bai taɓa komai ba, illa dai ya daidaita tsarin da zanenta, ya kuma yi mata bayanin masinja da benci, har da ɗan jan kunne kan muhimmancin bin abin da aka rubuta.

Lubna ta katse shi.

"Baba, je ka gaban zanen. Ɗora yatsanka a kan akwatin sensa."

Ya ɗaga bargo ya ɗora.

"Kibiya nawa ke jikinsa?"

Ya buɗe baki zai ce ɗaya, sai ya ga biyu ne. Akwai mai fita, wadda ya bi da safe har ofishin oga. Akwai kuma wata mai shigowa ta dama, wadda idonsa ya tsallake.

"Bi mai shigowar da yatsa, ka koma baya. Daga ina ta taso?"

Yatsa ya bi layin zuwa dama, ya haura sama, ya tsaya a kan kibiyar da ta fito daga ɗakin ƙwai, wadda aka rubuta wa "zafin ciki". Alhaji ya tsaya yana kallon yatsan nasa. Shekara talatin da wani abu yana karanta irin wannan zane, kuma a duk tsawon lokacin kan kibiya kawai yake dubawa, don shi ke nuna wanda ake kai wa rahoto. Gindin kibiya bai taɓa zama matsalar darakta ba.

Lubna ta yi masa bayani da sauri, muryarta tana yankewa. Zanen ba ya nuna inda kowa yake zama, ba ya nuna babba da ƙarami, yana nuna hanyar da labari yake bi ne. Sensa ya auno zafin cikin ɗaki ya kawo. A ɗan da'irar nan ake ɗebe abin da ya kawo daga abin da ake so. In akwai saura, kwantirola ta kunna hita. In babu, ta kashe. Ƙas-ƙas ɗin da ya ɗauka wasa ne, shi ne aikin gaba ɗaya. Kwantirola ba ta da ido, ba ta san komai game da ƙwai ba sai abin da sensa ya faɗa mata. Tun hantsi kuwa zafin baranda yake faɗa mata, ita kuma tana ta cewa hita ta ƙara, kuma ko hita ta ƙone firij ɗin baranda ba za ta ji ba.

"Kashe soket, Baba. Mayar da sensa ciki ka karanta min lamba kafin ka bar ƙofar a buɗe."

Ya ce in ya kashe soket ai lambar ma mutuwa za ta yi. Ta ce haka ne, to ya zare filogin hita kawai daga bayan kwantirola. Ya zare, ya yaye bargo, ya ɓalle salatif. Yana buɗe ƙofa wani huci ya bugi fuskarsa kamar ya leƙa gidan burodi, tabarau ya yi hazo. Ruwan faranti ya kusa ƙafewa. Ya saka ɗan ƙarfen a tsakiyar ƙwai ya tura ƙofa, ya tsaya yana kallon lamba tana hawa. Ta wuce talatin da bakwai ba ta ko waiwaya ba, ta wuce arba'in ɗinsa, ta je hamsin da uku ta tsaya. Ya karanta mata.

Ta ce ɗan tayin ƙwai ba ya jure ko arba'in da biyu na 'yan sa'o'i, balle wannan. Ya tambaya ko babu wani abin yi, ko a ɗan sa su a ruwan sanyi. Ta ce babu. Ya ji muryarta ta canza, don ita ma ta san ko ƙwan wace kaza ne.

"Sai ka gaya wa Mama."

Ya ce zai gaya mata, amma ta bar masa, irin wannan magana akwai hanyar da ake bi da ita. Ta yi alkawari ba don ta so ba.

Kafin magariba ya mayar da komai yadda ya same shi. Ya sauke umarni zuwa talatin da bakwai da rabi, ya cika faranti, ya jona hita, ya goge danƙon salatif da kananzir. Kwantirola ta koma ƙas-ƙas ɗinta kamar ba a yi komai ba. Ƙwai tara suna nan a jere, farare masu ɗan ja, babu wanda ya fashe, babu wanda ya nuna alama. Abin da ya ƙara kashe masa jiki ke nan.

Balaraba ta dawo ranar Asabar da ƙullin cincin da naman suna. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce baranda. Ta dubi lamba, ta leƙa ruwa, ta saki ajiyar zuciya, sannan ta juyo ta yi masa murmushin da ya daɗe bai gani ba. Ta ce ashe dai ana iya barin masa amana, Allah ya yi albarka. Maganar tana bakinsa, ya riga ya tsara ta tun daga gabatarwa har kammalawa. Sai ya ji kansa yana cewa amin, ai ba komai.

Ya ce a ransa gobe, in ta huta. Gobe ta zo, ya ga ta tashi da fara'a, ya ce ba yau ba. Ya shiga lallashin kansa da cewa Lubna ai yarinya ce, ba ta san komai duka ba, kuma mai rayawa Allah ne ba kwantirola ba. Har sadaka ya bayar da wannan niyya. Kullum safe da yamma yana zaune a kujerar roba da jarida a hannu, yana kallon matarsa ta wanke hannu, ta buɗe ƙofa, ta juya ƙwan ɗaya bayan ɗaya da bakinta yana motsi. Ta sa an wanke akurki an zuba sabon yashi. Ta aika kasuwa a sayo tsaki. Ta fara lissafin cewa in an samu mata da yawa za ta kai wa yayarta biyu Rigachikun, irin ya koma inda ya fito. Tuwo ya daina wuce masa, ta ce ko hawan jinin ne, ya ce ƙila.

Lubna ta kira sau biyu. Duk shi ya ɗauka, ya ce ana kan hanya.

Da mako ya zagayo Balaraba ta ce yau za a haska. Ta ga Lubna tana yi, ana ɗora ƙwai a kan fitilar waya a wuri mai duhu, in da rai za a ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saiwa, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Bayan karin kumallo ta kwaso su a kwano da tsumma, ta ce ya zo sito ya riƙe mata waya. Ya bi ta kamar wanda aka kira gaban kwamitin bincike. Ta ja ƙofa, duhu ya rufe su tsakanin buhun masara da jarkokin manja.

Ta ɗora na farko, haske ya ratsa shi fayau, babu komai. Ta ce ƙila zakara bai taka wannan ba. Na biyu ma haka. Haka na uku da na huɗu. Hasken ya kauce yana yawo a bango, ta kama wuyan hannunsa ta tsayar da shi ta ci gaba har na tara. Ta mayar da shi kwano a hankali, kamar har yanzu akwai abin da zai ji ciwo.

"Alhaji, da ba na nan, wuta ta ɗauke ne?"

"Ba ta ɗauke ba."

"Lambar fa, ta taɓa motsawa?"

Duhun ya taimake shi. Ya faɗa mata duka, da zanen, da masinja, da bargo, da hamsin da uku. Bai sa gabatarwa ba, bai ce an samu kuskure ba kamar yadda ake rubutawa a ofis, ya ce ni na yi. Ya jira ta yi faɗa, yana ma fatan ta yi, don faɗa abu ne da mutum zai iya sunkuyar da kai ya wuce. Ta tambaye shi wace rana ce. Ya ce Juma'ar da take Rigachikun.

Ta tura ƙofar sito, haske ya shigo, ya ga fuskarta a bushe. Ta miƙa masa kwanon.

"Da ka faɗa min ranar da na dawo, da na soya mana su mun ci, na san na ci na ƙarshen kazar Inna. Yanzu ko kare ba zan ba ba. Ka bar ni mako guda ina yi wa matattu addu'a."

Ya tsaya da kwano a hannu bai san inda zai kai shi ba. Ta wuce baranda ta kashe soket, lambar ta mutu. Daga nan ya ji tana jan akurki a kan siminti zuwa ƙofar gida, tana ƙwala wa maƙwabciyarsu Uwani kira ta kan katanga, wai ta zo ta ɗauka in tana so, ita ba ta da abin sawa a ciki.